Mai Shinkafar Kura Da Mai Ƙanƙarar Gari Ba Ciwo Ɗaya Ke Damun Su Ba

Kwanan nan a wani shirin rediyo na kiran waya na ji wani bawan Allah yana ta faɗa, wai gwamnati ta fito kawai ta yanke wa komai farashi, tun daga shinkafa da tumatir har siminti da wutar lantarki, wanda ya saɓa a kama shi, tunda a cewarsa duk 'yan kasuwa halinsu ɗaya, ba tausayi ba tsoron Allah. Masu kira na bayansa kowa sai "gaskiya ne malam", ba wanda ya ce ƙala. Abin ya tsaya mini a rai saboda na san ba ƙeta ce ta sa shi faɗar haka ba, tsadar rayuwa ce, amma maganar tasa in aka bi ta a yadda take, talakan da yake kare wa shi zai fara shan wuya.

Matsayina shi ne, mai sayar da abin da dubban mutane ke sayarwa da wanda ya yi babakere shi kaɗai a kan kaya, ba a yi musu magani ɗaya. Yanke farashi na iya sa mai babakere ya ƙara kayan da yake fitarwa, shi kuwa ƙaramin manomi sai dai ya sa shi ya rage. Kuma bambancin ba a zuciyarsu yake ba, dukansu riba suke nema, har ma lissafi iri ɗaya suke yi. Kasuwar da kowannensu yake ciki ce ta bambanta.

Manomin da ba shi da ta cewa a farashi

Ɗauki manomin shinkafa a Kura ko Kadawa mai hekta ɗaya. Ranar da ya kai shanshera kasuwa ba shi ke faɗin kuɗi ba, tarar da farashi yake yi. In ana sayar da buhu naira 30,000 shi ya ce nasa 33,000, mai saye ba zai ma tsaya ciniki ba, taku uku zai yi ya samu irinta a gefe. Kuma ba shi da dalilin karyarwa zuwa 28,000, tunda ko buhu nawa ya kawo za a kwashe a 30,000, kayansa ba su kai su girgiza kasuwar ba. Wannan shi masana tattalin arziki ke kira cikakkiyar gasa: masu sayarwa da yawa, kaya iri ɗaya, kowa ya san farashi, kuma ba shinge ga mai son shiga ko mai son fita.

To in farashi ba a hannunsa yake ba, me ya rage masa? Yawan abin da zai noma. Bari in sa lambobi na misali don lissafin ya fito, ba farashin yau nake kawowa ba.

A ce kowane buhun taki da kuɗin zuba shi da ɗawainiyar da ke biye yana cin 45,000. Buhun farko ya ƙara masa buhu 5 na shanshera, wato 150,000, ai ba sai an yi shawara ba. Na biyu ya ƙara 4, na uku ya ƙara 3, domin ƙasa tana da iyakar abin da take ɗauka, duk manomi ya san wannan ko bai taɓa shiga aji ba. Na huɗu ya ƙara buhu 2, kuɗinsu 60,000, har yanzu ya fi 45,000 ɗin da aka kashe, a zuba. Na biyar buhu 1 tak zai ƙara, ka kashe 45,000 ka samu 30,000. Nan zai tsaya, a buhu huɗu.

Ka lura bai tambayi kansa ko gonar gaba ɗaya tana riba ba, tambayar ita ce wannan ƙarin da zan yi, abin da zai shigo da shi ya kai abin da zai ci? Muddin farashin buhu ya fi abin da ƙarin buhun zai ci masa, zai ci gaba, inda suka yi kunnen doki nan ne iyaka. A littafi haka ake rubuta shi:

```
P = MC
```

P farashi ne, MC kuma kuɗin da noman ƙarin buhun shanshera ɗaya na ƙarshe ya ci.

Yanzu motsa farashin ka gani. Shanshera ta kai 50,000, buhun taki na biyar ya zama mai riba, sai ya ƙara noma. Ta faɗo 20,000, na huɗun ma bai biya kansa ba tunda 40,000 zai kawo, sai ya koma uku. Riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Da wannan lissafin ne ake gane abin da ke ba mutanen birni mamaki lokacin kakar tumatir, ka ga gona ja wur an bar ta tana ruɓewa, a ce manomi ya yi almubazzaranci. Kuɗin iri da taki da ban ruwa sun riga sun tafi, ba sa dawowa ko ya tsinka ko bai tsinka ba. Abin da ke gabansa kawai shi ne kuɗin masu tsinka da kwando da mota zuwa kasuwa. In farashin kwando ya fi waɗannan, zai tsinka ko da a jimlar shekara asara ce, don ya rage zafi. In bai kai ba, tsinkar ma ƙarin asara ce.

Sai abu na ƙarshe game da irin wannan kasuwa, wanda shi ne ya fi kare mai saye: riba mai kauri ba ta daɗewa. Bayan an rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 shinkafar gida ta yi daraja, me ya biyo baya? Ma'aikacin gwamnati ya kama hayar gona, ɗan kasuwa ya sayi injin casa, masana'antun shinkafa suka yi ta tashi a Kano. Kowa ya shigo, kuɗin hayar gona da na lebura suka hau, ribar ta yi ta sirancewa. Haka aka sha gani a riɗi da zoɓo da waken suya, bana wani ya ci, baɗi kowa ya shuka, farashi ya zauna. Ba wanda ya tausaya wa kowa, gasa ce ta ƙwace ribar.

Mai ƙanƙara shi kaɗai a gari

Yanzu ka ɗauki wani ƙaramin gari da ba wuta, mutum ɗaya ne ke da injin ƙanƙara da janareto, gari mafi kusa da ake yin ta kafin ka iso da ita ta narke. Ga azumi a watan zafi. Shi wannan ba ya tarar da farashi, shi ke faɗa. Amma akwai abin da bai isa ya yi ba, bai isa ya faɗi farashi kuma ya faɗi yawan da za a saya ba. Ɗaya zai zaɓa, mutanen gari su zaɓa masa ɗayan.

Misali kuma. Kowane ƙulli yana cin masa naira 250, man janareto da ruwa da leda da yaran aiki. In ya sa 800, ƙulli 100 zai sayar a rana, kuɗi 80,000. In ya sauko 700 zai sayar da 200, kuɗi 140,000. A 600 zai sayar da 300, kuɗi 180,000. A 500 kuma 400, kuɗi 200,000. A 400 zai sayar da 500, kuɗin dai 200,000 ne. A 300 zai sayar da 600, kuɗin ya ma ragu zuwa 180,000.

Tsaya a kan tsallen daga 600 zuwa 500, duk maganar a nan take. Ya samu sabbin masu saye ɗari, kowa ya ba shi 500, wato 50,000. Amma kuɗin da ya shigo aljihunsa 20,000 kawai ya ƙaru. Ina 30,000 ta tafi? Mutum ɗari ukun nan da da ma za su saya a 600, yanzu su ma a 500 suke saya, tunda ba zai yiwu ya tsaya a bakin shago yana cewa kai naka 600 kai naka 500 ba. Ya yi asarar ɗari-ɗari a kansu. Manomin Kura bai san wannan ciwon ba, in ya ƙara buhu ɗaya cikakken 30,000 yake karɓa kuma sauran buhunansa ba su rage daraja ba. Mai babakere kuwa duk ƙarin da zai sayar sai ya taɓa farashin na baya, shi ya sa ƙarin kuɗin da ke shigo masa kullum yana ƙasa da farashin da yake sayarwa.

Sai ya yi irin tambayar da manomi ya yi. Kowane ƙulli ɗari yana cin 25,000. Ɗarin farko ya kawo 80,000, na biyu ya ƙara 60,000, na uku ya ƙara 40,000, duk sun wuce 25,000. Na huɗu 20,000 ya ƙara, bai biya kansa ba. Don haka zai tsaya a 300, ya waiga ya ga nawa mutane za su iya biyan ɗari ukun nan, 600, ya liƙa. Ribarsa 180,000 a cire 75,000, saura 105,000. Gwada na gefe da gefe ka gani: a 700 ribar 90,000 ce, a 500 kuma 100,000. Tasa dokar ita ce:

```
MR = MC
```

MR shi ne ƙarin kuɗin da ya shigo saboda ƙarin kayan da aka sayar. A wajen manomi MR da farashi abu ɗaya ne, a wajen mai ƙanƙara ba ɗaya ba ne, iyakar bambancin ke nan. Kuɗin sayen inji da hayar shago ban sa su ba da gangan, domin ko ƙulli ɗaya ya yi ko dubu sai ya biya su, suna shafar ko sana'ar za ta ɗore, amma ba su ke faɗa masa yawan da zai yi yau ba.

Da a ce masu inji goma ne a garin, wanda ya sa 600 na kusa da shi zai sa 550 ya kwashe layin, wani ya sa 500, a haka har a gangaro kusa da abin da ƙullin ke ci, a ce 300, a sayar da ƙulli 600 a rana. Ka ga ɓarnar babakere kashi biyu ce. Ta farko kowa na ganin ta, masu saye ɗari uku sun biya 600 maimakon 300, kuɗi ya tashi daga aljihunsu ya koma nasa. Ta biyun ba a ganin ta kuma ni ita ta fi damu na: akwai gida ɗari uku da suke shirye su biya fiye da abin da ƙanƙarar ke ci, injin kuma zai iya, amma an kashe shi da gangan, sun sha ruwa da ɗumi. Wannan asarar ba wanda ya ci ta, shi kansa mai injin bai samu ko kwabo daga ciki ba.

"Ai mai babakere abin da ya ga dama yake sawa"

Wannan ana yawan faɗa, kuma lambobin nan sun nuna ba haka ba ne. Me ya hana shi sa 800? A 800 ribarsa 55,000 ce kacal, kusan rabin ta 600. Mutane suna da mafita ko ba daɗi, randa tana nan, haƙuri ma yana nan. Ƙarfin mai babakere daidai yake da rashin mafitar mai saye, shi ya sa babakere a kan maganin da ba shi da madadi ya fi babakere a kan ƙanƙara muni nesa ba kusa ba. Kuma babakere ba ya nufin dole a ci riba, in kuɗin inji da haya sun fi 105,000 ɗin nan a rana, shi kaɗai ne a gari amma rufewa zai yi.

To a yanke farashin mana

A ce hukuma ta zo ta ce kada ƙanƙara ta wuce 400. Me zai faru? Dabarar rage kaya don farashi ya hau ta mutu, tunda ko ya rage ba zai wuce 400 ba. Yanzu kowane ƙulli 400 yake kawo masa cif, yana cin 250, to gara ya yi duk abin da za a saya, wato 500. Farashi ya sauko, kaya sun ƙaru daga 300 zuwa 500, shi kuma yana da 75,000, bai mutu ba. A nan mai kiran rediyo yana da gaskiya.

Ɗauki wannan dokar ka kai wa manomin Kura, ka ce shanshera kada ta wuce 20,000. Mun riga mun gani, zai janye buhun taki na huɗu, noma ya ragu, baɗi ma wataƙila ya koma masara ko ya bar gonar. Masu saye kuma sun ƙaru tunda an ce ta yi araha. Kaya kaɗan, masu nema da yawa, sai layi da ɓoyo da sayarwa ta bayan gida a farashin da ya fi na da. Iyayenmu da suka bi layin madara da sukari da sabulu a 1984 ba sai an yi musu dogon bayani ba. Shi manomi da ma ba shi da wata riba ta ƙari da za a matse, gasa ta riga ta matse ta, in ka ƙara matsawa noman kansa kake taɓawa.

Ko a wajen mai babakeren ma sai an san inda za a tsaya. In aka ce masa 200, ƙasa da 250 ɗin da ƙulli ke ci, kashe injin zai yi ya kulle shago. Wanda zai yanke farashi dole ya san ainihin kuɗin da kaya ke ci, wanda ya fi kowa sanin wannan kuwa shi ne mai kamfanin, kuma ba shi da dalilin faɗar gaskiya.

Rikicin wutar lantarki ke nan a taƙaice. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta 11 a 2013, kowanne da yankinsa, ba wanda ya isa ya ce ya bar wannan ya koma wancan. Kuma wannan babakere ne da ba yadda za a yi da shi, ba hankali a kafa turakun wuta layi biyu a titi ɗaya don kawai a yi gasa, kuɗin zai ninka ne a banza. Shi ya sa hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ke yanke musu farashi. Kamfanonin suna cewa an yanke ƙasa da abin da wutar ke ci, masu amfani suna cewa ana caje su wutar da ba su gani ba, musamman marasa mita. Da aka ɗaga farashin rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024 bisa alkawarin awa 20 a rana, lissafin nan dai ne ya yi aiki: in layi ɗaya yana biyan ninki uku na wani, ba sai an faɗa wa kamfani inda zai fi son tura wuta ba.

"Amma 'yan kasuwar hatsi ma haɗa baki suke"

Wannan ƙorafin ban raina shi ba. Masu sayarwa dubu in suka zama baki ɗaya, sun zama mai ƙanƙara ke nan. Inda ƙungiya ke hana baƙo sauke kaya sai ya biya rajista mai tsada, ko ta yanke farashin da ba mai saukowa ƙasa da shi, an kashe sharaɗin gasa mafi muhimmanci, wato buɗaɗɗiyar ƙofa. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 wadda ta kafa hukumar FCCPC ta haramta irin wannan haɗin bakin, kuma nan ya kamata a sa ƙarfi.

Sai dai haɗin baki yana da wuyar riƙewa in mutane suna da yawa, kowa yana son ya zame ya sayar a ɓoye kafin 'yan uwansa. A kasuwa irin Dawanau, mai dillalai da 'yan sari ba adadi, kaya na shigowa daga jihohi da maƙwabta, ban yarda wasu 'yan tsiraru za su iya riƙe farashin masara shekara guda ba. Kuma ba duk mai ajiya ne azzalumi ba, wanda ya saya da kaka ya fitar da bazara shi ya sa ake samun hatsi a watan Yuli. In masara ta tashi a Dawanau ta tashi a Giwa ta tashi a Maraɗi lokaci ɗaya, a duba taki da dizal da darajar naira da ƙauyukan da rashin tsaro ya hana noma kafin a fasa sito.

Wani kuma zai ce ai cikakkiyar gasa a littafi kawai take. Haka ne, shinkafar wani ta fi ta wani kyau, wani manomin bashi ya ci dole ya sayar wa wanda ya ba shi. Babakere tsantsa ma ba shi da yawa. Siminti misali a tsakiya yake, manyan kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwar, Dangote da BUA da Lafarge, kafa masana'anta kuma sai mai dogon hannu, shigo da shi daga waje an takura. Girman nasu yana rage kuɗin yin kowane buhu, wannan gaskiya ne, amma ragin ba ya isowa ga mai gini sai in akwai wanda ke tsoron a ƙwace masa kasuwa. Amfanin misalan biyu shi ne su ba ka ma'auni, ka san wane gefe kasuwa ta fi karkata. Tambaya biyu nake yi: in mai kayan nan ya ƙara kashi goma cikin ɗari shi kaɗai, masu sayensa suna da wurin zuwa? In ana ganin yana cin riba, me zai hana wani ya buɗe irin tasa baɗi? In amsar ta biyu lasisi ce ko dokar hana shigo da kaya ko alfarmar wani babba, to gwamnatin da ake kira ta yanke farashi ita ce ta gina shingen tun farko.

Mun ma taɓa ganin abin da cire shinge ke yi. Zamanin da NITEL ke ita kaɗai, layukan waya a faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, samun layi sai da hanya da jiran watanni. A 2001 aka ba da lasisin wayar salula, MTN da Econet suka fara, layi yana dubban nairori, kira naira 50 minti ɗaya, ko sakan biyar ka yi an cire maka na minti. Ana ta kuka ana cewa a riƙa caji da sakan, kamfanonin suna jan ƙafa. Glo ta shigo a 2003 da cajin sakan-sakan, cikin ɗan lokaci sauran suka bi, farashin layi kuma ya yi ta faɗuwa har ya koma kusan kyauta. Ga mai ƙanƙararmu ma, dokar 400 tana buƙatar ma'aikacin da zai tsaya a bakin shago kullum yana sa ido, wanda shi ma ana iya sallamar sa da ƙulli biyu, amma in aka gyara hanyar da ta haɗa garin da na gaba, ko aka kawo wuta har mutum uku suka sayi firiza, 600 ɗin nan ba za ta kai ƙarshen azumi ba.